Daga ina ake fara auna sandar tuta? Taget ɗina ya fito 68, na abokina 59.5

Auwal: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya a kan tuta, wato siffar da farashi ke yi a jadawali idan ya yi gudu sannan ya ɗan huta tsakanin layi biyu, kuma da misali a hannuna. Wani hannun jari da nake bibiya ya yi kusan wata uku yana kai-komo tsakanin 36 da 40. Duk ranar da ya taɓa 40 sai a danne shi. Makonni biyu da suka wuce ya fasa 40 ɗin, cikin kwana 5 na ciniki ya kai 52. Daga nan ya tsaya, ya kwana 8 yana gangarowa a hankali tsakanin layi biyu da ke tafiya tare, mafi ƙasan da ya taɓa 47.5. Jiya ya fasa layin sama, wanda a lokacin yake daidai 50, ya rufe a 50.8. Na auna sanda na samu taget 68, wato inda nake sa ran farashin zai kai. Abokina ya auna jadawalin nan ɗaya ya samu 59.5. Tazarar ta yi yawa, don Allah waye ya yi kuskure a cikinmu?

Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Ai abin ba wuya. Ka ɗauki tsawon sanda ka ɗora a kan inda ya fasa, shi ke nan. Tuta ce mai kyau wannan, ka riƙe kawai.

Auwal: Yaya Ɗanlami, haka na yi ai. Daga 36 zuwa 52 ya ba ni 16, na ɗora a kan 52, ya zama 68.

Malam Sabo: Wa alaikumus salam, Auwal. Wuri biyu ka ja lissafin sama, shi ya sa ya kumbura. Bari mu fara da gindin sandar, don a nan ne kuskuren ya fi girma.

Sanda ita ce tafiyar da farashi ya yi a guje, kusan a tsaye, ba tare da hutawa ba. Ka koma jadawalinka ka dubi yadda ya taso daga 36 zuwa 40. Na tabbata a hankali ya hau, yau sama gobe ƙasa, kamar yadda ya saba yi cikin wata ukun nan. Wannan tafiyar cikin kejin da yake ciki ce, ba ta da alaƙa da gudun da ya zo daga baya. Gudun ya fara ne ranar da ya fasa 40, lokacin da masu jira a waje suka ruɗo ciki, waɗanda suka yi cacar zai faɗi kuma suka shiga saye don su rufe asararsu. Saboda haka gindin sandarka 40 ne, kanta 52, tsawonta 12.

Na biyu, ka ɗora tsawon a kan 52. Amma tafiya ta biyu ba daga 52 ta tashi ba, farashi ya riga ya sauko daga can. Yadda aka saba tun da, daga inda ya fasa layin tutar ake ɗorawa. Wurin nan a jadawalinka 50 ne.

```
52 - 40 = 12
50 + 12 = 62
```

Abokinka kuma bai yi kuskure ba. Shi ma 12 ya samu, sai dai ya ɗora a kan mafi ƙasan tutar, 47.5, ya samu 59.5. Akwai mutane da yawa masu yin haka.

Auwal: To Malam, kenan amsa biyu ce daidai? 62 da 59.5?

Malam Sabo: E, duka biyun ana amfani da su, kuma kowa da hujjarsa. Mai ɗorawa daga 47.5 yana cewa tafiya ta biyu ta fara ne tun daga inda saukar ta ƙare, don haka idan ƙafa ta biyu za ta yi daidai da ta farko, daga can ya kamata a ƙirga. Mai ɗorawa daga 50 yana cewa kafin a fasa layi babu wata tafiya ta biyu, hutu ne kawai. Ni na fi ɗaukar abin a matsayin yanki: daga 59.5 zuwa 62 nan ne nake sa ran ƙarfin zai fara raguwa. Idan zan yi lissafin ko cinikin ya cancanci shiga, da ƙaramar lambar nake yi.

Hajiya Binta: Malam Sabo, a nan kam ban bi ka ba. Ni daga inda aka fasa nake ƙirgawa kullum, kuma dalilina shi ne mafi ƙasan tuta sau da yawa lagwanin kyandir ɗaya ne, wato siririn layin da ke nuna iyakar inda farashi ya taɓa a ranar, da ya zuro ƙasa na minti kaɗan ya koma. In ka gina lissafi a kan lagwani ɗaya, ka gina a kan hayaniya. Layin da aka fasa kuwa kyandirori da dama ne suka taɓa shi, ya fi zama abin dogaro.

Malam Sabo: Maganarki da nauyi, Hajiya. Amma shi ma layin sama ai hannu ne ya ja shi. Ki ba mutum uku jadawali ɗaya, wani zai bi kan lagwani, wani jikin kyandir, sai ki ga 50 ta zama 49.6 a wurin wani, 50.3 a wurin wani. Mafi ƙasan tuta ko ba komai lamba ce da ke rubuce, ba wanda zai yi gardama a kanta.

Hajiya Binta: Na yarda da wannan, amma ban sauya ba. Abin da na sani shi ne mutum ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kai. Wanda yau ya auna daga ƙasa, gobe da zuciyarsa ta kwaɗaitu ya auna daga sama, shi ne ke shan wahala.

Ummi: Ku yi haƙuri, ni sabuwa ce. Da kuka ce tsawon sanda, na ɗauka yawan kwanakin ne. Wato tunda sandar ta ɗauki kwana 5, bayan fasawa ma kwana 5 zai yi yana hawa sannan a sayar. Ba haka ba ne?

Hajiya Binta: A'a ƙanwata, tsayi ake nufi, daga ƙasa zuwa sama a layin farashi, ba faɗi a layin kwanaki ba. Awon yana faɗa miki inda farashi zai iya kaiwa, bai ce komai a kan yaushe ba. Tafiya ta biyu takan iya ɗaukar kwana 4, takan iya ɗaukar 15. Inda kwanaki suke da amfani shi ne wurin gane ko abin da kike gani tuta ce da gaske. Sanda gajeren lokaci take ɗauka, tutar ma haka. A jadawalin kullum-kullum, daga kwanaki kaɗan zuwa mako uku ake sa ran ta gama. In ta zarce haka tana jan ƙafa, zafin da ya haifi sandar ya huce, kuma awon ya rasa abin da yake tsaye a kai.

Ummi: Na gane yanzu, na gode Hajiya. To me ya bambanta ta da mai tsinin nan da nake gani ana zanawa kamar alwatika?

Hajiya Binta: Siffar hutun ce kawai. A tuta, layin sama da na ƙasa suna tafiya tare ba sa haɗuwa, kuma yawanci sun ɗan karkata suna saɓa wa sandar: in sanda ta hau, tutar tana ɗan gangarowa. A mai tsini, wadda wasu ke kira fenan, kowane hawa bai kai na baya ba, kowace sauka ma ba ta kai ta baya ba, sai layukan su matse su nufi haɗuwa. Sanda iri ɗaya, awo iri ɗaya. Abu ɗaya da nake lura da shi a mai tsini: in farashi ya rarrafa har ya isa bakin tsinin bai fasa da ƙarfi ba, ya fice ta gefe a sanyaye, ba na ƙara ɗaukarta da muhimmanci.

Nasiru: Ni dai tutar nan ta cinye min kuɗi watan jiya, shi ya sa nake karanta ku da ɗan ciwon zuciya. Wani koyin ne na kirifto ya tashi daga 20 zuwa 26, sannan ya yi ta gangarowa cikin layi biyu tsaf kamar an sa rula. Na auna 6, na jira ya leƙo saman layi a 23.5, na shiga ina hangen 29.5. Kwana biyu ya yi a sama ya dawo ciki, ya zarce ƙasa har 19. Ga shi na bi ƙa'ida, ga abin da ya faru.

Malam Sabo: Allah ya mayar da alheri, Nasiru. Tambaya uku zan yi maka. Kwana nawa ya ɗauka daga 20 zuwa 26? Kwana nawa ya yi yana gangarowa? Kuma ina ne mafi ƙasan da ya taɓa kafin ka shiga?

Nasiru: Hawan kusan wata biyu. Saukar mako biyar. Ya taɓa 22.4.

Malam Sabo: To ka ga, abin da ka gani ba tuta ba ce, duk da layukan sun yi kyau. Hawan wata biyu mai hutawa a hanya ba sanda ba ce, hawa ne na yau da kullum. Idan babu sanda kuwa, babu abin aunawa. Sannan ka dubi zurfin saukar: daga 26 zuwa 22.4 ya mayar da 3.6 cikin 6 da ya samu, wato kashi 60 cikin ɗari. Ka kwatanta da na Auwal: daga 52 zuwa 47.5 ya mayar da 4.5 cikin 12, bai kai kashi 40 ba.

Dalilin da ya sa zurfin ke da muhimmanci shi ne abin da tuta take nufi a cikin kasuwa. Bayan gudu mai zafi, waɗanda suka shiga da wuri suna cire ɗan riba, shi ya sa farashi ke sulalowa. Amma masu sayarwar ba su da yawa, kuma akwai waɗanda jirgi ya bari suna jira a ƙasa kaɗan, da ya sauko sai su tare. Shi ya sa saukar take zama marar zurfi, kyandirorin ƙanana, ciniki yana raguwa kullum. Idan ka ga an mayar da fiye da rabin sandar, to masu sayarwa sun fi ƙarfin masu cire riba kawai, akwai masu ficewa da gaske. Mako biyar ana sauka kuma, wannan ya zama tafiyar ƙasa mai zaman kanta.

Nasiru: Boliyum ɗin kam, wato yawan cinikin, ban duba ba, gaskiya. Yanzu na koma na duba, a kwanakin saukar ma ya fi yawa fiye da na hawan.

Malam Sabo: Wannan ita ce alama mafi bayyana da ta wuce ka. A tutar kirki ciniki yana cika a kan sanda, ya bushe cikin tuta, ya sake tashi ranar fasawa. Naka ya zo a juye. Auwal, kai ma duba naka ka faɗa mana.

Auwal: Na duba, Malam. A kwanakin sanda ya ninka na kullum kusan sau uku. Cikin tutar ya yi ta raguwa, kwana biyun ƙarshe ma ƙasa da na kullum. Jiya da ya fasa ya kai kusan ninki biyu.

Ɗanlami: Ka ji ko. Na faɗa tun farko tuta ce mai kyau. 62 ba makawa in sha Allah, ni da a hannuna take ma libarej zan ƙara, in ranci kuɗi in ninka cinikin.

Baba Iro: Ɗanlami, cire "ba makawa" daga bakinka, yaro. Na daɗe ina kallon jadawali, kuma ina da tambayar da har yau ba wanda ya amsa min ita yadda na gamsu. Me zai sa tafiya ta biyu ta yi daidai da ta farko? Wace doka ce ta tilasta wa kasuwa haka? Robert Edwards da John Magee, a littafinsu na 1948, su ne suka yaɗa maganar cewa tuta a tsakiyar sanda take kaɗawa, wato rabin tafiya ne aka yi. Abin da suka lura da shi ne a jadawalin hannayen jari, ba lissafi ne da aka tabbatar kamar biyu da biyu huɗu ba. Kuma mu kanmu muna yaudarar idonmu. In muka koma baya a jadawali, tutocin da suka kai taget su ne suke fitowa fili, waɗanda suka lalace kuwa ba ma kiransu tuta, sai mu ce ai dama ba ita ba ce. Ku dubi abin da aka yi wa Nasiru yanzun nan.

Malam Sabo: Ranka ya daɗe, rabin maganarka na karɓa hannu biyu. Babu dokar da ta ce sai an kai. Iyakar abin da zan ce shi ne tsawon sanda yana nuna irin nisan da wannan kasuwar ta iya yi kwanan nan da mutanen da ke cikinta yanzu, don haka ya fi a ce mutum ya ƙirƙiro lamba daga kansa. Kuma tunda mutane da yawa suna awon nan, sukan ajiye odar sayarwa a kusa da wurin, wannan ma yakan sa farashi ya yi tuntuɓe a can.

Amma batun Nasiru ban yarda ba. Sharuɗɗan da na ƙi tasa da su, wato saurin sanda, zurfin sauka, tsawon lokaci da yanayin ciniki, duk ana iya duba su kafin a shiga, ba sai an ga ƙarshe ba. Da ya kawo min ita ranar da zai shiga, amsar ɗaya ce.

Baba Iro: Na ji. Amma ko wadda ta cika sharuɗɗan duka na sha ganin ta fasa, ta yi rabin hanya ta juyo. Wanda yake son ya san gaskiyar abin ya buɗe littafi ya rubuta kowace tuta ranar da ya gan ta, kafin ya san ƙarshenta, har su kai hamsin. Sannan ya zo mu yi magana a kan lambobinsa, ba na wani ba.

Hajiya Binta: Wannan shawarar ta Baba ni ma ina kanta. Auwal, bari in mayar da kai kan cinikinka, don taget shi kaɗai ba ya gaya maka ko ka shiga. Ina za ka sa sitof-los, wato farashin da in ya sauko can za a fitar da kai don tsayar da asara?

Auwal: Ina tunanin 49.5, ƙasa da layin da ya fasa kaɗan.

Hajiya Binta: Ya yi kusa. Sau da yawa bayan fasawa farashi yana dawowa ya taɓa layin daga sama, wani lokaci ya ɗan nutse ciki, sannan ya wuce. A 49.5 za a iya fitar da kai alhali tutar ba ta lalace ba. Inda take lalacewa da gaske shi ne ƙasa da 47.5, don in ya sauka nan, waɗanda suke tarewa sun janye. Ka ce 47.2. In ka shiga a 50.8, abin da ka sa a haɗari 3.6 ne a kan kowane hannun jari. Zuwa 59.5 akwai 8.7, kusan ninki biyu da rabi na haɗarin. Zuwa 62 akwai 11.2, ninki uku da ɗan ɗoriya. Da taget ɗinka na 68 kuwa za ka ga kamar kusan ninki biyar ne, kuma irin wannan hangen ne ke sa mutum ya sayi fiye da ƙarfinsa. In 3.6 ta yi maka yawa, rage yawan abin da za ka saya, kada ka matso da sitof ɗin.

Sannan ka ja jadawalin baya, shekara ɗaya ko biyu. Akwai wani tsohon rufi tsakanin 50 da 62?

Auwal: Akwai, Hajiya. Bara ya kai 58 sau biyu ya faɗo.

Hajiya Binta: To wannan ya fi awon sanda nauyi a wurina. Akwai mutanen da suka saya a 58 bara, sun shekara cikin asara, suna jiran ya dawo su fita da uwar kuɗinsu. Awon sanda bai san da su ba. Daga 50.8 zuwa 58 akwai 7.2, ninki biyu cif na haɗarinka. Har yanzu cinikin bai ɓaci ba, amma da 58 za ka yi lissafi tukuna.

Nasiru: Wata tambaya. In tutar ta faɗuwa ce fa? Na ga wani koyin da ya faɗo daga 80 zuwa 44 cikin kwana huɗu, ya yi mai tsini, ya fasa ƙasa a 46. In na cire 36 daga 46 saura 10. Anya?

Malam Sabo: A nan ne awon lamba da lamba yake nuna iyakarsa. In sandar ta yi girma sosai idan aka kwatanta da farashin, cirewa kai tsaye tana ba da abin da hankali ba zai ɗauka ba. Da sandar ta fi haka kaɗan ma sai taget ya fito ƙasa da sifili. Mafita ita ce a auna da kaso. Daga 80 zuwa 44 ya rasa kashi 45 cikin ɗari, wato saura 0.55 na farashinsa. Ka ninka 46 da 0.55, ka samu 25.3. Wannan ne abin da za ka gani in ka danna Log a jadawalinka, wanda ke nuna tafiya da kaso, ka kwafi sandar da ido. A ƙananan tafiyoyi hanyoyin biyu kusan amsa ɗaya suke bayarwa. A manya sukan rabu: a faɗuwa awon kaso ya fi sassauci, a hawa kuma shi ne ya fi nisa. Na Auwal ma, 40 zuwa 52 kashi 30 ne, in ka ɗora a kan 50 zai ba ka 65. Ni a hawa nakan bar na kason, in riƙe mafi kusa.

Ɗanlami: To ai ga 65 nan, kusa da 68 ɗin Auwal. Ashe bai yi nisa da gaskiya ba.

Malam Sabo: Lambobin sun yi kusa, amma hanyar da ya bi ya isa can ba daidai ba ce, kuma a wani jadawalin za ta kai shi wani wuri dabam.

Auwal: Na dawo da labari bayan kwana 9. Na shiga a 50.9 da safen ranar da muka yi magana. Kwana biyu bayan haka ya dawo har 49.3, da na bar sitof a 49.5 da tuni an cire ni. Daga nan ya hau, shekaranjiya ya taɓa 57.8 ya bar dogon lagwani a sama. Na sayar da rabi a 57.2, na matsar da sitof ɗin sauran zuwa 52, kan tsohuwar sanda. Yau kwana biyu kenan yana tsakanin 55.5 da 57, ciniki yana raguwa. Ko wata tutar ce yake sake yi a ƙarƙashin 58?

Baba Iro: Rubuta ta a littafinka da kwanan wata, kamar yadda take: ba ta kai 59.5 ba, ba ta kai 62 ba, kuma ba ta lalace ba tukuna.

Hajiya Binta: Kwana biyu bai isa a kira shi komai ba, Auwal. Kuma hawan daga 49.3 zuwa 57.8 kwana nawa ya ɗauka, a tsaye ya tafi ko da hutawa? In ma ta zama tuta, gindin sabuwar sandar zai jawo wata gardamar, don ni daga 52 zan auna inda ya wuce tsohon kai, na san Malam Sabo kuma zai ce 50.

Malam Sabo: 50 zan ce, Hajiya. Auwal, turo hoton jadawalin da boliyum a ƙasa idan kasuwa ta rufe yau, mu gani.